Waiwaye: rikicin gadon kantuna a Yamai ya samo asali tun 1994

Gardamar da ake yi a Babbar Kasuwa da Katako kan gadon kantuna tana da ɓangare biyu. Ƴaƴan Alhazai da suka yi boko suna son a shigar da lissafi cikin na'ura, a yanka wa kowa takardar sayayya, a rage ba da bashi. Tsofaffin yaran gida kuwa, waɗanda suka kwashe shekaru suna ɗaukar jakar maigida, cewa suke yi yara za su kori abokan ciniki. Ana ɗora laifin ga girman kan ƴan boko ko taurin kan dattawa, sai ka ce jiya abin ya faro.

Farkon labarin sananne ne. Yawancin gidajen nan sun tashi da fataucin gyaɗa, dabbobi, goro da atamfa, Adarawa da dama suka gangaro daga ƙasar Tawa, kuɗin uraniyom na shekarun 1970 ya buɗa ciniki. Gobarar Babbar Kasuwa ta 1982 ta cinye dukiya, amma tsarin bai taɓu ba. Uban gida yana ba yaransa kaya bashi, su sayar su kawo kuɗi, wanda ya daɗe da riƙon amana a sallame shi da jari. Sau da yawa yaron gida ya fi ɗan cikin Alhaji sanin sirrin kanti.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne Janairun 1994, da aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa dala goma, wato sefa hamsin, ya koma dala ashirin. Kowa yana tuna tsadar da ta biyo baya, amma a ganina babban raunin a jikin bashi aka yi shi. Ɗauki ɗan kasuwar da ya raba wa yaransa kayan waje na miliyan goma a watan Disamba. Ko da kowa ya biya shi cif, ba a ci masa ko dala ba, kuɗin da ya dawo rabin kayan kawai zai sayo. Babu wanda ya ci amana, amma rabin jari ya tafi.

Darasin da Alhazai da yawa suka ɗauka shi ne kuɗi a hannun mutane narkewa yake yi. Sai riba ta koma gina gidajen haya da sayen filaye, sallamar yara da jari ta ja baya, ƴaƴa kuma aka tura su koyon lissafin kasuwanci don su tsare dukiya. Abin da ba a sauya ba shi ne yadda ake tafiyar da kantin. Bashi ya ci gaba da fita da baki, lissafinsa yana cikin kan Alhaji da wani tsohon littafi da shi kaɗai ke gane rubutunsa, kuɗin cefane da na kanti kuma aljihu ɗaya ne. Aka wayi gari da ɗan da ya iya lissafi amma bai san masu bashi ba, da yaron gida da ya san su ɗaya bayan ɗaya amma ba shi da gado, ba a kuma sallame shi ba. In ɗan ya ce, "Baba, a rubuta bashin nan," amsar takan zama, "Tun ba a haife ka ba nake hulɗa da mutumin."

Ranar rabon gado ake ganin sakamakon. A ce an bar kaya na miliyan 20 a kanti, bashin miliyan 30 a hannun mutane, wani dillali a Kwatano kuma yana bin marigayi miliyan 15. A takarda dukiyar miliyan 35 ce. Amma shari'a ta ce a fara biyan bashin mamaci, don haka abin da ke hannu miliyan 5 ne kacal. Sauran sai an bi shi gari gari, kuma wanda ya san hanyar shi ne yaron gidan da magada suka fara zargi tun ranar sadakar bakwai. Daga abin da aka tattaro ake fitar wa matan aure tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. In ɗakuna uku ne, kowane ɗaki yakan so a ba shi nasa a hannu, gidajen haya su rabu lafiya, kanti ya watse.

Dokokin OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, sun ba da damar a yi wa kanti rajistar kamfani, ta yadda hannun jari za a raba, kaya su tsaya wuri guda. Sai dai rajista ba ta karɓo bashin da ba a rubuta ba. Gidajen da suka tsira galibi su ne waɗanda Alhaji, tun yana da ƙarfinsa, ya haɗa ɗansa da tsohon yaronsa suka zagaya masu bashi tare, kowa ya amsa abin da ake bin sa a gaban shaidu, sannan aka yanka wa yaron rabonsa na sallama.