Kuɗi ya maƙale ko PIN ya ɓace: yadda muka zo nan, da abin dubawa kafin a je wajen mai POS

Waɗanda suka yi harkar banki kafin 2011 sun san tura kuɗi daga wannan banki zuwa wancan sai ka jira, wani lokacin har gobe. A shekarar ne NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, ta fito da tsarin NIP wanda ya sa kuɗi ke shiga nan take, sai CBN ta fara tsarin rage yawo da tsabar kuɗi a Legas a 2012, BVN ya biyo baya a 2014. OPay ta shigo 2018, PalmPay 2019, amma maganar gaskiya mutanenmu da yawa ba su damu ba sai da aka sauya fasalin naira a ƙarshen 2022. Farkon 2023 ai kowa ya ji a jikinsa, mai shayi da mai kayan miya duk suka koma karɓar tiransifa dole.

To a wannan rububin ne aka shuka matsalar PIN ɗin da muke fama da ita yanzu. Mutum zai miƙa wa yaron shago waya ya ce buɗe min akawun, yaron ya zaɓa masa lamba huɗu, wani ma da layin ƙaninsa aka buɗe. Da CBN ta ce a Disamban 2023 dole kowane akawun ya kasance da BVN ko NIN sai asiri ya fara tonuwa, sunan da ke kan layi daban na kan BVN daban. Shi ya sa in ka manta PIN, kada ka yi ta cankar lamba har a kulle ka. Fara duba layin da aka buɗe akawun ɗin da shi, yana hannunka kuma yana karɓar saƙo? Domin in ka danna `Forgot PIN` can za a turo OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya. BVN kuma `*565*0#` zai nuna maka shi, amma sai a layin da ka yi rajistarsa da shi. Kuma don Allah OTP ɗin nan kar ka karanta wa kowa a waya, ko da ya ce daga kamfani yake, mai POS ɗin unguwarku ma ba shi da hurumin canza maka PIN.

Maganar maƙalewar kuɗi ita ta fi ci min rai saboda na gani da idona. Wani maƙwabcina ya tura dubu 85 kuɗin hatsi da yamma, waya ta nuna `Pending`, mai kaya ya ce shi fa bai ga alat ba, ga mota na jira. Hankalinsa ya tashi ya sake turawa. Da asuba duka biyun suka shiga, dubu 170, Allah ya taimake shi mai kayan mutumin kirki ne ya dawo masa da rabi, amma sai da ya yi kwana biyu yana kiran waya.

Abin da bai sani ba shi ne kuɗin nan hannu uku yake bi, banki ko kamfanin da akawun ɗinka yake, NIBSS a tsakiya, sai bankin wanda ka tura wa. `Pending` na nufin an cire a wajenka amma amsa ba ta dawo daga can ba tukuna, zai iya shiga zai iya dawowa, don haka sake turawa ganganci ne. Ka shiga tarihin cinikinka a cikin manhajar ka duba balans da kanka, shi ma mai karɓa ka ce ya buɗe nasa ya duba, saƙon alat yana makara ko ya ƙi zuwa alhali kuɗi na ciki. In an rubuta `Failed` kuma an cire maka, ƙa'idar CBN ita ce a mayar cikin awa 24. In kuma `Successful` ne mutum ya ce bai gani ba, sake duba lambar akawun da sunan da ya fito, sannan ka buɗe rasit ɗin ka kwafo `Session ID`, lambobi ne guda 30, ka tura masa ya kai bankinsa, da ita ake gano inda kuɗin ya tsaya.

Duk wannan ba sai ka je wajen mai POS ba, sai fa in a na'urarsa aka yi cinikin, nan kam komawa wajensa ya zama dole, kuma kar ka bar wajen ba takardar rasit ko hotonta. In kuwa daga wayarka ka tura, mai POS ba abin da yake gani, korafi a cikin manhajar za ka shigar ka ajiye lambar da suka ba ka. Sati biyu in suka wuce shiru, sai ka rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na CBN a `cpd@cbn.gov.ng` ka haɗa da lambar korafin da hoton rasit.