Zogale da wake ga mai aljihunan hanji: yaushe za a ci, yaushe za a dakata

Salamu alaikum jama'a. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Zariya, kuma wani abu da ya faru da wani dattijo maƙwabcinmu a Tudun Wada ne ya sa na ce bari in yi wannan rubutun, don har yanzu ina ganin da laifina a ciki.

Baba ya haura sittin, ya daɗe yana fama da taurin bayan gida da ɗan murɗawa a mararsa ta hagu, an sha maganin basir an sha na shawara har an gaji, sai da aka leƙa hanjinsa da kyamara aka ce yana da abin da likitoci ke kira daibatikula, wato ƴan aljihuna a jikin babban hanji. Da Hajiya ta tambaye ni me zai dinga ci sai na ce mata wake, zogale, rama, tuwon dawa da ba a surfe sosai ba, a sha ruwa da yawa. Gaskiya na faɗa, amma rabin maganar kenan. Bayan ƴan watanni ciwo ya taso mishi da zazzaɓi, ita kuma baiwar Allah sai ta ƙara ƙaimi, faten wake da safe kwaɗon zogale da rana, cikin ya kumbura yana ta juyi a kan tabarma ya riƙe gefen hagu. Da na shigo ta ce min “ƴata ai abin da kika ce ne muke ba shi”. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Toh bari mu fara da yadda aljihun ke samuwa. Babban hanji yana da shimfiɗa mai laushi a ciki, sai tsoka da ta nannaɗe ta daga waje, kuma akwai ƴan ƙananan wurare da jijiyoyin jini ke huda tsokar su shiga ciki, nan ne bangon ya fi rauni. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar tayar keke da ta tsage kaɗan tib ya leƙo ya yi ƙullutu, to ya ga hoton abin. In bayan gida ya yi tauri kuma ɗan kaɗan ne, dole hanji ya matse da ƙarfi kafin ya tura shi, shekara da shekaru ana wannan matsi ga kuma tsufa na sa bango ya saki, sai shimfiɗar ciki ta ɓullo ta waɗancan wuraren ta zama aljihu, yawanci bai wuce girman ƙwayar wake ba. An fi samunsu a ƙarshen hanji ta gefen hagu don nan ne ya fi matsatsi, amma wasu a dama suke fito musu har a ɗauka afendis ne.

A 1971 wasu likitoci biyu, Painter da Burkitt, suka danganta ciwon da ƙarancin harza a abinci, wato faiba, don shi Burkitt ya yi aiki a Uganda ya ga da ƙyar ake samun ciwon a mutanen karkara masu cin hatsi da dusarsa. Yanzu an san ba harza kaɗai ba ce, akwai gado, ƙiba, shan taba, yawan jan nama da rashin motsa jiki. Amma ku duba kwanonmu na yau, farar shinkafa, burodi, taliya, masarar ma sai an surfe ta fes an ba akuya dusar.

Aljihun in ya fito ya fito kenan, ba abincin da ke mayar da shi, amma mafi yawan masu shi har su tsufa ba su san suna da shi ba. Kaɗan ne nasu ke kumbura ya kama ciwo, shi ne daibatikulaitis, kuma a nan shawarar abinci ke juyewa.

Lokacin da ciki ke lafiya, ba zazzaɓi ba ciwo mai tsanani, harza ake so, kamar giram 25 zuwa 30 a rana. Ita ce ke riƙe ruwa ta sa bayan gida ya yi laushi ya yi auki, hanji ya huta da matsi. Kofi ɗaya na dafaffen wake na ba da wajen giram 11, kofin farar shinkafa ko giram 1 bai kai ba, kun ga bambanci. Sai dai kar a afka rana ɗaya, in ba haka ba iska da kumburin ciki za su sa mutum ya ce abincin bai karɓe shi ba ya daina. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin sati uku zuwa huɗu, yau a zuba wake a shinkafa, bayan kwana biyu a ƙara ganye a miya, sai gwaba ko lemo a ci da tsokarsa maimakon a matse ruwan. Ruwa kuma dole ne, harza ba ruwa ƙara ƙulle ciki take yi, balle lokacin zafi ko azumi. Gyaɗa da gugguru da ƴaƴan tumatir da a da ake hanawa wai suna maƙalewa a aljihun, bincike bai tabbatar da haka ba, ba sai an bar su ba.

Amma ranar da ciwo ya tsaya wuri guda a mara ba ya sauka, ga zazzaɓi ga tashin zuciya, in an danna wurin mutum ya zabura, to a ajiye wake da ganye a tafi asibiti. Hanjin da ya kumbura hanyarsa ta ƙara tsukewa, abinci mai auki wahala yake ƙara mishi. Likita kan ce a tsaya a ruwa-ruwa na kwana biyu ko uku, romo tatacce ba yaji, shayi ba madara, ruwan gishiri da sukari, koko mai ruwa da aka tace sosai. In ciwo ya fara lafawa sai abinci mai laushi maras harza, farar shinkafa, ƙwai, kifi, dankalin turawa da aka fere, wato dai abubuwan da na gama kushewa ɗazu su ne abokan tafiya a waɗannan kwanakin. Daga nan a koma harza sannu a hankali cikin ƴan makonni. Kuskuren da nake gani shi ne wasu tsoro ke sa su zauna a kan farar shinkafa wata da watanni, sai taurin ya dawo.

Don Allah kar a je kemis a sayi ibufurofen ko dikulofenak don wannan ciwon, suna ƙara haɗarin zubar jini da hujewar hanji, farasitamol ya fi aminci. Kar kuma a sha maganin wankin ciki ko jiƙo mai sa gudawa. In ciki ya yi tauri kamar katako, ko amai ya hana shan ruwa, ko jini ya zuba da yawa ta dubura ko da ba zafi, ko iska na fita tare da fitsari, wannan ba na jira sai gari ya waye ba ne, a nufi babban asibiti irin na Shika inda za a yi sikanin. Bayan an warke kuma likita kan nemi a leƙa hanjin da kyamara bayan sati 6 zuwa 8 in ba a yi ba a kusa, saboda kansar hanji na iya zuwa da irin waɗannan alamun.

Baba kwana huɗu ya yi a kan gado ana mishi ƙarin ruwa da allurai, Alhamdulillahi ba a kai ga tiyata ba. Da aka sallame shi na zauna da Hajiya na rubuta mata takarda biyu, ɗaya ta ranar lafiya ɗaya ta ranar ciwo, ta liƙa su a bangon kicin. Sai da ya yi kusan wata kafin faten wake ya dawo kwanonsa, shi ma da ludayi ɗaya aka fara.