Banki ya janye kuɗin kayan da na sayar: wace shaida ce ke dawo da shi?

Malam, shagon abaya da turare gare ni a Jidda. Wata Hajiya a Kano ta biya ni riyal 2,400 da katin Visa, na ba wani alhaji kayan ya kai mata. Bayan wata biyu sai banki ya cire kuɗin, wai ta ce kaya ba su iso ba. Yaya zan yi?

Alhaji, fara duba lambar dalili a takardar da bankinka ya turo. Irin wannan ƙorafi Visa na rubuta masa `13.1`, wato kaya ba su iso ba. Rasit ba zai fisshe ka ba, don ba ta musa cewa ta biya ba. Isowar kaya ake gardama a kai, a nan shaidarka za ta tsaya.

Saƙon hannu kuwa nan yake cutar mu. Amana ce tsakaninmu, amma ma'aikacin bankin da zai duba takardunka bai san alhajin nan ba, bai san gidan da aka kai ba. Da kamfanin aika kaya ka ba, da kana da lambar bin diddigi, ranar isowa da sa hannun wanda ya karɓa. Tunda babu, koma hirarku ta WhatsApp. Idan ta taɓa rubuta "sun iso", ko ta yi ƙorafin wata abayar ta yi mata tsawo, ai ta amsa karɓa ke nan. Ɗauki hoton da zai nuna lambarta da kwanan wata, lambar ta zo daidai da ta kan odar. Ka fassara Hausar zuwa Turanci. Saƙon murya kawai ba ya da ƙarfi sosai.

Kada ka yi sanya. Yawanci mai kati na da kwana 120 na kai ƙara, Visa kuma kwana 30 take bayarwa a mayar da martani, amma bankinka zai yanka maka ƙasa da haka. Wa'adi ya wuce, magana ta mutu ko da kai ke da gaskiya.

Da cewa ta yi ba ita ta yi cinikin ba fa?

Wannan `10.4` ne, zargin zamba. A nan abin nema shi ne ko kuɗin ya bi ta `3-D Secure`, inda bankinta ke tabbatar da ita, galibi da lambar da yake turo mata a waya. In ya bi, yawanci asarar na kan bankinta. In kuwa lambar katin ta karanto maka ka danna a na'ura da hannunka, gaskiya ƙafarka ba ƙarfi.

In ta kira ta ce mu sasanta, in tura mata wani abu?

A'a, kada ka tura ko halala ɗaya ta bayan fage, sai ka yi asara biyu. Ta janye ƙarar a bankinta, ta turo maka shaidar janyewa a rubuce, kai kuma ka haɗa da martaninka kafin wa'adi ya cika.