Aikatau na subjonctif a Faransanci bayan shakka, buri da motsin rai

*Subjonctif* siga ce ta aikatau a Faransanci wadda ake kawowa bayan kalmar *que* idan gangar farko ta jimla, wato ɓangaren da ya gabaci *que*, tana nuna so, ko kokwanto, ko abin da zuciya ta ji. Abokiyar gabarta ita ce *indicatif*, sigar da ake ba da labari da ita kai tsaye. Ɗalibai a Nijar da Kamaru da Chadi suna haɗuwa da ita a darasin cike gurbi, inda ake ba da aikatau cikin baka-biyu a ce su juya shi yadda ya dace. Mafi kusa da ita a nahawun Hausa shi ne umartau, wato *ka zo* da ke cikin "ina so ka zo". Kamannin yana taimakawa a wani wuri, a wani wurin kuma shi ke jefa mai koyo cikin kuskure.

Yadda ake gina ta

Ana ɗaukar aikatau a lokaci na yanzu tare da *ils*, a cire *-ent*, a liƙa *-e, -es, -e, -ions, -iez, -ent*. Daga *ils finissent* sai a samu *que je finisse*, daga *ils partent* kuma *que tu partes*. Aikatau mai tushe biyu, kamar *prendre* da *venir*, yana komawa tushen *nous* a wurin *nous* da *vous*: *que je prenne*, amma *que nous prenions*. Kaɗan ne suka fita daga wannan tsari, sai dai a haddace su, daga cikinsu akwai: *être* (*que je sois*), *avoir* (*que j'aie, qu'il ait*), *aller* (*que j'aille*), *faire* (*que je fasse*), *pouvoir* (*que je puisse*), *savoir* (*que je sache*) da *vouloir* (*que je veuille*).

Akwai abin da ke ɓoye rashin sani a nan. A aikatau masu ƙarewa da *-er*, sigar *je, tu, il* da *ils* iri ɗaya ce da ta *indicatif*, don haka ɗalibi yana iya rubuta *je veux qu'il parle* daidai ba tare da ya san dalili ba. Sai an ba shi *venir* ko *faire* asiri ke tonuwa. Saboda haka gwajin da ya fi amfani shi ne mutum ya musanya aikataun da *faire* a zuci: idan kunne ya nemi *fasse*, gurbin na *subjonctif* ne.

Buri da so

Bayan *vouloir que, souhaiter que, désirer que, préférer que* da *exiger que* ana kawo *subjonctif*. Nan Hausa da Faransanci sun yi daidai: "ina so ka zo" ita ce *je veux que tu viennes*. Sharaɗin shi ne mai so ya zama daban da mai aikatawa. Bahaushe yana cewa "ina so in tafi", da umartau, ko da shi ne mai son kuma shi ne mai tafiyar, shi ya sa hannunsa ke saurin rubuta *je veux que je parte*. Faransanci ba ya karɓar wannan. Idan mutum ɗaya ne, sai a jefar da *que* a bar aikatau a sigarsa ta ƙamus: *je veux partir*, *je suis content de partir*.

*Espérer* kuma ya bauɗe wa 'yan'uwansa. Ko da yake ma'anarsa fata, *indicatif* yake ɗauka, galibi lokaci mai zuwa: *j'espère que tu viendras*, alhali *je souhaite que tu viennes*. Masu shirya darasi suna yawan jera su biyun kusa da juna da gangan.

Shakka

*Douter que* da *il est possible que* suna jawo *subjonctif*. *Penser que* da *croire que* suna ɗaukar *indicatif* muddin jimlar tabbatacciya ce, amma da an kore ta, ko an mayar da ita tambaya ta hanyar juya aikatau da wakilin suna, sai kokwanto ya shigo: *je crois qu'il est malade*, *je ne crois pas qu'il soit malade*, *crois-tu qu'il soit malade ?* Haka abin yake ga *être sûr que* da *il est certain que*.

Wurare biyu ne aka fi zamewa. *Il est probable que* yana tafiya da *indicatif*, domin abin ya fi karkata ga aukuwa, sabanin *il est possible que*. Sannan *se douter que* ba shakka yake nufi ba, nufinsa mutum ya riga ya yi zargi ko ya hango, don haka *indicatif* yake ɗauka: *je me doute qu'il est là*. Ƙari a kan haka, Hausa takan ce "ina shakka ko zai zo", da lokaci mai zuwa, sai ɗalibi ya rubuta *viendra*. *Subjonctif* ba ta da lokaci mai zuwa, sigar yanzu ce ke ɗaukar nauyin gobe: *je doute qu'il vienne demain*.

Motsin rai

Wannan rukuni shi ke rushe bayanin nan da ake yawan yi wa masu fara koyo, cewa *subjonctif* ta abin da bai tabbata ba ce. A *je suis heureux que tu sois là* mutumin yana nan tsaye, ba kokwanto ko kaɗan, amma duk da haka *sois* ake rubutawa. Dalili kuwa, mai magana ba labarin zuwan yake bayarwa ba, yadda zuwan ya taɓa shi yake faɗa. Hausa a nan takan ce "na ji daɗi da ka zo", babu umartau, don haka ba za a dogara da ita ba. *Regretter, être triste, être surpris, avoir peur* da *c'est dommage* duk a wannan layi suke.

Bayan *craindre* da *avoir peur*, rubutu na hukuma ko na adabi yakan saka *ne* wadda ba korewa take yi ba. *Je crains qu'il ne vienne* na nufin "ina tsoron kada ya zo", kuma wannan "kada" ta Hausa tana yin kusan aikin da *ne* ɗin ke yi. Idan tsoron rashin zuwansa ake yi, sai an ƙara *pas*: *je crains qu'il ne vienne pas*.

Misali da aka warware

A ce an ba da wannan: *Le maître regrette que ses élèves (partir) hier avant la fin du cours.* Da farko a duba gangar farko. *Regretter* baƙin ciki ne, wato motsin rai. Sai a duba masu aikin: malami ke takaici, ɗalibai suka tafi, mutane daban ke nan, don haka *que* da *subjonctif* sun zauna. Wanda ya tsaya a nan zai rubuta *partent*, ya faɗi, domin *hier* ta nuna tafiyar ta riga takaicin. Ana bukatar siga ta shuɗewa, wadda ake haɗawa da *avoir* ko *être* a *subjonctif* sannan *participe passé*, wato siga irin *parti* ko *fini*. *Partir* da *être* yake tafiya, kuma da *être* dole *participe* ya dace da masu aikin a jinsi da adadi. Amsar ita ce *soient partis*, ko *soient parties* idan ajin na 'yan mata ne zalla. Da *finir* aka bayar a madadinsa, da sai a rubuta *aient fini*, ba tare da *s* ba.