Waiwaye: yadda aka fara auna ƙarfin tauraro da maki

Duk wanda ya buɗe jadawalin masu ilimin taurari zai ga an ce tauraro kaza na da maki biyar a buruji kaza, wani kuma an zabtare masa huɗu. Sai mutum ya ɗauka tun fil azal haka abin yake. Alhali tsarin darajojin, wato matsayin da ake ba tauraro gwargwadon burujin da yake ciki, ya girmi makin da ɗaruruwan shekaru, kuma ba daga tushe ɗaya sassansa suka fito ba.

Na gida, wato burujin da tauraro ke mulki, shi ya fi sauƙin ganewa. An ba Wata burujin Saraɗan, Rana kuma Asad. Sauran taurari biyar aka jera su hagu da dama, kowanne gida biyu: Uɗaridu ya samu Jauza da Sunbula, Zuhura Saur da Mizan, Mirriku Hamal da Aƙrab, Mushtari Hut da Ƙaus, Zuhal kuma Jadyu da Dalwu. Baɗlamusa, masanin Iskandariya na ƙarni na 2 Miladiyya, ya ce hujjar ita ce yanayi: a Saraɗan da Asad zafi ke tsananta a arewacin duniya, shi ya sa Zuhal, da ake ɗauka mai sanyi, ya tafi can ɗaya gefen.

Sharafi, wato wurin ɗaukaka, bai bi wannan jeri ba ko kaɗan. Rana a Hamal, Wata a Saur, Mushtari a Saraɗan, Uɗaridu a Sunbula, Zuhal a Mizan, Mirriku a Jadyu, Zuhura a Hut. Masu bincike sun gano alamun wannan rabo a allunan Babila, inda ake cewa kowane tauraro na da “ɓoyayyen gida”. Girkawa gadonsa suka yi, hujjojin da suka kawo kuma daga baya aka lalubo su. Ko digirin da sharafin ya tsaya a kai ba a taru a kansa ba: littattafan Larabci sun sa na Rana a digiri na 19 na Hamal, na Indiya a na 10.

Hubuɗi, faɗuwa ke nan, shi ne burujin da ke fuskantar sharafi, kuma tsoho ne kamarsa. Wabali kuwa, wanda ke fuskantar gida, Baɗlamusa bai lissafa shi a matsayin daraja ba. Sai a hannun na baya, musamman masu rubutu da Larabci, ya zauna daram a jadawali.

A wurinsu ne kuma makin ya samu gindin zama. Baɗlamusa daidai yake ƙirga darajoji biyar, kowacce kaso ɗaya. A ƙarni na 10 Alƙabisi ya koyar da su hawa-hawa: gida biyar, sharafi huɗu, musallasa uku, haddi biyu, fuska ɗaya. Musallasa rukunin buruji uku ne masu ɗabi'a ɗaya, kamar iska ko wuta; haddi da fuska kuma ƙananan yankuna ne a cikin buruji. William Lilly, a Ingila a 1647, ya buga jadawali mai haɗe da ragi: wabali biyar, hubuɗi huɗu.

A ɗauki Mizan a ga yadda lissafin ke juya al'amari. Gidan Zuhura ne, tana da biyar. Zuhal na da huɗu na sharafi. Amma Mizan burujin iska ne, kuma Zuhal ke riƙe da musallasar iska da rana, sai ya ƙara uku ya zama bakwai. Ke nan kafin a duba haddi da fuska, baƙo ya fi mai gida iko idan wanda ake duba wa an haife shi da rana. Da dare musallasar ta koma hannun Uɗaridu, Zuhal ya dawo huɗu, Zuhura ta wuce shi. Mirriku a nan yana wabali, Rana na hubuɗi. Uɗaridu ne kaɗai ke haɗa gida da sharafi a wuri guda: tara a Sunbula, ragin tara a Hut.

A ganina nan ne makin ke ruɗar masu koyo. Na da suna kwatanta tauraro a gidansa da maigida mai iko da kayansa, a sharafi kuma da baƙon da aka karrama, wanda girmansa na aro ne. Bambancin na hali ne, amma lamba ta mayar da shi tazarar maki ɗaya kacal. Bugu da ƙari, darajar zati, wato wadda tauraro ke samu daga burujin da yake ciki, ba ta faɗin ko tauraron na da damar aiki. Wannan sai an duba inda ya faɗa a taswirar haihuwa, ko yana tafiya da baya, ko hasken Rana ya rufe shi. Kuma “ƙarfin” da ake magana hukunci ne na cikin fannin, kimiyyar sararin samaniya ba ta auna shi.

Bayan gano Uranus a 1781, Neptune a 1846 da Pluto a 1930, masu fannin na zamani suka ba su Dalwu, Hut da Aƙrab. Wannan ya karya jerin gida biyu-biyu, shi ya sa masu bin tsohon tsari har yau ba sa saka su a jadawalin maki.