Ba a haramta wa tsofaffi maganin barci ba, ga abin da ƙa'idar ta ce

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a wayoyin mutanen Gombe, wai gwamnati ta haramta ba tsofaffi Baliyam, kuma duk wanda ya ba tsohonsa zai gamu da hukuma. Har wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta tare ni a wurin aiki, ta ce ta zubar da ƙwayoyin Hajiyarta gaba ɗaya a masai. Wannan zubarwar ta fi tayar mini da hankali fiye da jita-jitar kanta.

Abin da ake juyawa ba dokar Najeriya ba ce. Ƙa'idar aiki ce ta likitoci da ke lissafa magungunan da ya kamata a guje wa ba tsofaffi, ana kiranta jerin Beers, da sunan likitan Amurka Mark Beers wanda ya fara fitar da ita a 1991. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ke sabunta ta, kuma ta sabunta ta a 2023. Ta shafi masu shekara 65 zuwa sama. Babu tara a cikinta, babu ɗauri. Dokar da ke kanmu a nan tsohuwa ce: diyazifam, wato Baliyam, ba a sayar da shi sai da takardar likita, kuma ƙaramin kemis na unguwa ba shi da izinin ajiye shi.

Me ya sa likita ke ɗari-ɗari da shi? Jikin saurayi ɗan shekara ashirin yana fitar da rabin ƙwayar cikin kusan kwana ɗaya. Na ɗan shekara 75 sai ya kai kwana uku. Idan Baba yana haɗiyar miligiram 5 kowane dare, ta yau tana tarar da ta jiya da ta shekaranjiya ba su tafi ba. Kafin mako biyu abin da ke jikinsa ya ninka na daren farko sau huɗu ko biyar, alhali bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.

Na ga haka a gidanmu. Ƙanin mahaifina yana shan ta daga wani kemis, sai mura ta kama shi da hunturu, aka ƙara masa Firiton. Kwana uku ya tashi alwalar asuba, ya ɗauki buta, ƙafa ta ƙi bin umarni, ya zube a ƙofar bayi, ƙashin ƙugu ya karye. Kafin nan ma ya fara kiran jikarsa da sunan matarsa da ta rasu, muka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce a nemo mai ruƙiyya. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta sauko cikin kwana biyu, ta lafa da rana ta tsananta da dare, a fara duba ledar magani.

Firiton ɗin da muke ɗauka kamar alewa yana cikin jerin. Haka Fenagan, da amitiriftilin da ake bayarwa don zogin ƙafa ko rashin barci. Waɗannan suna toshe wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi wajen tunawa da natsuwa. Alamarsu bushewar baki, taurin bayan gida da riƙewar fitsari, musamman ga dattijon da mafitsararsa ke ba shi wahala dama. Ƙa'idar ta kuma ce kada a haɗa wa tsoho magunguna uku ko fiye masu taɓa ƙwaƙwalwa, kuma tiramadol yana shiga lissafin.

Inda aka fi ruɗewa shi ne kalmar "a guje" da ƙa'idar ta yi amfani da ita. Ba ta nufin an hana. Mai farfaɗiya, ko wanda za a yi wa tiyata, likita na iya ba shi diyazifam, ƙa'idar kanta ta yarda da haka. Ba ta kuma ce wanda ya daɗe yana sha ya daina yau ba. Jikin da ya saba da ita wata da watanni, idan aka yanke masa rana ɗaya, rawar jiki, firgita da rashin barci ke biyowa, wani har jijjiga. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni, wani lokaci watanni, likita yana bibiya.

A ganina ƙa'idar ta yi daidai, sai dai likita kawai take yi wa magana, kuma yawancin dattawanmu ba daga hannunsa suke samun ƙwayar ba. Likita ya ƙi rubutawa, yaro ya je kemis ya karɓo a ƙulle cikin leda babu suna.

Ita baiwar Allahn nan na ce mata, Hajiya shekara nawa tana sha? Ta ce biyu. Na ce to gobe da safe ki kai ta asibiti, ki haɗa duk abin da take sha a leda ɗaya, har na mura da na gargajiya, ki kuma faɗa wa likita ranar da kika zubar da ƙwayoyin.