Labarin abokai biyu da suka duba wa juna jarrabawa: tambayoyi da amsoshi

Malam, ina son rubuta gajeren labari a kan abokai biyu da suka yi musayar takardun jarrabawa, kowa ya duba ta ɗan'uwansa, suka ƙaru da kura-kuransu. Ta ina zan fara?

Ka fara da zaɓen kuskuren tun kafin ka raɗa wa yaran suna, domin shi ne ƙashin bayan labarin. Idan ka ce kawai sun ga inda suka yi kuskure sun gyara, mai karatu zai tashi hannu rabbana, tunda bai ga abin da suka gani ba. Ka sa tambayar a gabansa da lambobinta, yadda shi ma zai iya faɗawa ramin da yaron ya faɗa. Ka kuma nuna tun a layin farko cewa an riga an ajiye alƙalami, jarrabawar gwaji ce suka gama, don kada a ɗauka satar amsa kake nufi.

Ga wadda nake ganin ta dace. Mota ta yi tafiyar kilomita 60 da gudun kilomita 30 a awa, sannan ta dawo ta hanyar da ta bi da gudun kilomita 60 a awa, aka ce a nemo matsakaicin gudunta. Na farko, mai saurin hannu, ya haɗa 30 da 60 ya raba biyu, ya rubuta 45. Na biyu ya bi ta lokaci: zuwa ya ci awa biyu, dawowa awa ɗaya, jimilla awa uku a kan kilomita 120, saboda haka ya rubuta 40. Amsar na biyu ce daidai, amma na farko bai san haka ba, sai ya ɗauki jan biro ya soke ta da cikakkiyar yarda cewa yana yi wa abokinsa gyara. Nan ne labarin yake samun rai, domin mai kuskure ne ya riƙe biron hukunci.

To yaya za su gane mai gaskiya, alhali babu malami a wurin?

Lissafin da kansa zai raba gardamar, kuma ya kamata a ga hakan a kan takarda. Na biyu zai ce, “To, mu ɗauka 45 ɗin ne. Awa nawa motar ta yi a hanya?” Na farko ba zai iya musun awa uku ba, tunda da yatsunsa ya ƙirga. Idan ya ninka 45 sau uku zai samu kilomita 135, alhali duk tafiyar 120 ce. Ka bar shi ya tsaya yana kallon kilomita 15 da ba su da wurin zama, ya sake ninkawa ko ya yi kuskure, kafin ya ajiye biron.

Kada ka mayar da shi wawa, domin hanyarsa tana da inda take aiki. Da motar ta yi awa ɗaya tana gudun 30 da awa ɗaya tana gudun 60, da ta ci kilomita 90 a awa biyu, kuma 45 ce amsa. Abin da ya kuɓuce masa shi ne cewa a wannan tambayar nisa ne ya zo ɗaya, lokaci kuwa ya bambanta: motar ta fi daɗewa tana tafiya a hankali, don haka matsakaicin ya karkata wajen 30. Idan na farko ne ya furta wannan da bakinsa, mai karatu zai yarda cewa ya fahimta, amma idan abokinsa ne ya yi masa doguwar lacca, sai a ga kamar ya yi shiru ne don a ƙyale shi.

Shi na biyun ba zai yi kuskure ba ke nan?

Dole ya yi, in ba haka ba labarin ya koma na malami da ɗalibi. Sai dai ka ba shi kuskure na wani iri. An ce a warware 3(x + 2) = 18. Ya buɗe baka daidai, ya rubuta 3x + 6 = 18, amma da ya zo kawar da 6 sai ya ƙara maimakon ya cire, ya samu 3x = 24, ya ce x = 8. Abokinsa ya mayar da 8 cikin tambayar ya ga ta ba da 30, ya bi layi-layi har ya ɗora yatsa a kan 24, inda ya kamata a ga 12 domin amsa ta fito 4.

Bambancin kura-kuran nan biyu shi ne abin da na fi so ka riƙe. Na biyu tuntuɓen alƙalami ya yi, kuma alamarsa ita ce da zarar an nuna masa layin zai gani nan take, ba tare da bayani ba. Na farko kuwa fahimtarsa ce ta karkace, shi ya sa ya tsaya yana kare amsarsa, kuma da an sake ba shi tambayar gobe 45 zai maimaita. Maganin na biyu shi ne ya saba mayar da amsa cikin tambaya kafin ya wuce. Na farko sake dubawa ba za ta amfane shi ba, domin ko sau nawa ya duba daidai zai gani, sai an warware masa tunanin daga tushe.

Shin ya kamata su yi jayayya a kan maki?

Ya kamata, amma a taƙaice. Idan tambayar tana da maki uku, na farko yana iya ba da sifili don huce haushin amsarsa da ta faɗi, ko ya ba da duka ukun don kunyar abota. Masu duba lissafi sukan ware makin hanya daban da makin amsa, don haka adalci shi ne a ba na biyu makin buɗe baka, a hana shi na amsa. Shakkar yaron yayin da biro ke hannunsa ta isa ta nuna halinsa, ba sai ka bayyana ba.

Akwai abin da wannan musayar ba za ta iya gyarawa ba?

Akwai. Da dukansu sun rubuta 45, da kowa ya ba ɗan'uwansa cikakken maki, su tashi suna murna da kuskure ɗaya. Saboda haka yana da kyau a samu tambaya guda da suka kasa daidaitawa a kanta, su zagaye ta da biro su kai wa malami ko su nemi takardar amsoshi.

Yaya zan rufe labarin?

Ka rufe da sabuwar tambaya mai irin wancan tarkon. Na biyu ya sauya lambobin: kilomita 60 da gudun 20, dawowa da gudun 60. Hannun na farko zai fara rubuta 40 bisa sabo, sai ya dakata ya ƙirga awa uku da awa ɗaya, ya raba 120 gida huɗu, ya rubuta 30. Ba ka buƙatar ƙara jimlar da za ta ce ya koyi darasi, kuma ba sai ka kai su babbar jarrabawa sun zo na ɗaya da na biyu ba.